Mijin Inna na Kalaba

Duk wanda ya san Inna Hauwa ta Ƙofa ya san bakinta. Haƙoran gaba sun daɗe da zubewa, amma in ta sa jika a gaba sai ya gwammace kiɗa da karatu. Jikokinta maza duk mazajenta ne, kuma a faɗarta babu na kirki a cikinsu: wannan rago ne, wancan marowaci, ɗayan kuma kunnuwansa sun isa a yi fifita da su. Su ma ba sa raga mata. Sukan leƙo ɗakinta su tambaye ta yaushe za ta mutu su sha gumba, ta ce sai ta ga bayan ubansu. Haka ake son kaka da jika a gidan nan, kuma wanda Inna ba ta zaga ba, to ba ta ɗauke shi nata ba.

Jika ɗaya ne bai taɓa shan zaginta ba, don ba ta taɓa ganinsa ba. Ɗanta na fari, Faruk, direban babbar mota ne da ya tafi kudu ya auri 'yar Kalaba ba da yardar mahaifinsa ba. Tsohon ya rantse babu mai taka ƙafa can, aka kuwa bi rantsuwarsa. Da mota ta kife da Faruk ya rasu, ɗansa Umaru yana cikin motar, yana ɗan ƙarami, aka ji labari ya yi jinya ya tashi. Babu wanda ya je. Inna ba ta ce komai ba, don Bafulatana ce, ɗan fari ko sunansa ba ta kamawa, balle a ga hawayenta a kansa.

Zubaida, autar Inna, ita ce abin ya tsaya wa a rai. Malamar Turanci ce a wata sakandaren 'yan mata a Bebeji, kuma Faruk ne ya fara kai ta makaranta a kan kafaɗarsa. Burinta ɗaya ne a duniya, ta ga ɗan yayanta ya shigo gidan ubansa ya zauna a tabarmar Inna kafin ƙasa ta rufe idon tsohuwar. Ta yi ta neman sa a Fesbuk har Allah Ya haɗa su. Saurayi ne yanzu, ya gama karatu, Hausa kuwa ko "zo in kashe ka" bai sani ba. Sai Turanci da yaren uwarsa.

Saƙon da ya fara aiko wa kakarsa gajere ne. Ya ce a gaya mata ya gode ƙwarai da ziyarar da ta yi ta kai masa a asibiti, gadon ma har ya kusa karyewa saboda yawan dangin ubansa. Ya liƙa 'yar fuskar nan mai murmushi a ƙarshe.

Zubaida ta karanta a ofishin malamai. Ta san gatse in ta gan shi, shi take koya wa 'yan aji shida. Ta juya maganar ta kowace fuska. In ta kai wa Inna kalma da kalma, tsohuwar za ta ce wane asibiti, yaron nan lafiyarsa ƙalau kuwa? In ta kai mata da dafinta, to ta soka wa uwarta wuƙa a inda ta shekara da shekaru tana rufewa. In kuma ta ce gaisuwa kawai ya aiko, Inna za ta taɓe baki ta ce gaisuwar baƙo ce, shi ke nan an rufe babin. Sai dabara ta faɗo mata, irin dabarar da ke zuwa wa mai ilimi ta kai shi ta baro. Ta ce a ranta, ai gatse ɗan'uwan wasa ne, ƙorafin dai shi ne ba a kula da shi ba, to me zai hana ta sa masa rigar wasan jika?

Ranar Asabar ta hau babur ta je Ƙofa, ta tarar da Inna tana tsince wake. Ta zauna, ta buɗe waya kamar mai karantawa, ta ce wa Inna mijinta na Kalaba ya aiko. Ya ce a gaya wa tsohuwar matarsa marowaciya, shekara da shekaru yana kwanciya yana tashi ko ƙoƙon fura ba ta aika masa ba, in ba ta shiga taitayinta ba sakinta zai yi ya auri mai haƙori.

Inna ta saki faifan. Ta yi dariya har da tari, ta share ido da gefen zane, ta ce ashe ja'irin jinin gidan nan ne. Nan take ta sa aka danna mata waya ta yi magana a ciki. Ta kira shi ragon miji, wanda ba a taɓa ganin cefanensa ba yake neman fura. Ta ce ya zo ya sake ta in ya isa, masu layi suna nan a zaure. Zubaida ta daɗe ba ta ji muryar uwarta da irin wannan daɗin ba.

To, a nan aikin ya fara cin ta. Yaya za ta kai wannan cikin Turanci? A can, tsohuwa ta kira jikanta miji ai abin a kira likita ne. Ta rubuta bayani mai tsawo, cewa a Hausa kaka da jika abokan wasa ne, zagi a tsakaninsu so ne, miji da mata suna ne kawai. Ta karanta ta ga ya koma darasin aji, wasan ya mutu a hanya, saura zagin tsirara. Kuma wa za a yi wa darasin? Yaron da ya miƙo ciwonsa, a ce masa ga raha. Ta goge. Muryar ma ba ta tura masa ba, don Kalaba ba ta rasa Bahaushe mai shayi da zai fassara masa. Abin da ta rubuta da sunan Inna shi ne: jikana, ban kyauta maka ba, ban kyauta wa mahaifiyarka ba, ka yafe mini.

Bai amsa ba sai bayan kwana biyu. Ya ce ya karanta wa mahaifiyarsa, ta yi kuka, abin da take jira ke nan tun yana yaro. Zubaida ta kai wa Inna cewa ya ce bakinta kamar tsohuwar jakar goro.

Haka aka ci rani, aka shiga damina. Shi yana aiko da magana mai nauyi, wani lokaci da ragowar gatsensa, ita tana mayar da ita tsokana. Inna tana aiko da tsokana, ita tana mayar da ita lallashi. Kuma kada a ce ba ta iya ba, wallahi ta iya. Har matan gida sukan taru ranar Asabar don jin abin da na Kalaba ya ce, su tafi suna maimaitawa a bakin rijiya. Inna ta ƙara ƙiba. Ta fara cewa duk mazajenta na gida tarkace ne, na Kalaba ne kaɗai ya iya bakinsa.

Sau ɗaya tak wasa ya ƙetare da ransa. Ya turo hotonsa, daga ƙirji zuwa sama kamar kullum, da ɗan gemu a haɓa. Inna ta ce bunsurun maƙwabta ya fi shi gemu. Zubaida ta yi shahada ta tura masa yadda yake, don bunsuru ba ya buƙatar bayani a kowace ƙasa. Ya turo dariya, ya ce a gaya mata bunsurun ya girme shi ne. Da tana da wayo, da nan ta kama hanya, ta riƙa sako masa Innar gaskiya kaɗan-kaɗan har ya saba. Ta yi niyyar haka ma. Amma kowace Asabar sai ta ga ƙarya ta fi sauƙin rubutu, ta ce sai mako mai zuwa.

Bayan an cire amfanin gona ya ce zai zo.

Zubaida ce ta je tarbarsa a bakin titin Kano da hantsi. Doguwar motar kudu ta tsaya, wani dogon saurayi ya sauko da jaka a kafaɗa, fuskar Faruk sak. Sai da ya tako ta ga abin da hoto bai taɓa nuna mata ba. Ƙafarsa ta hagu ta gajarta, in ya taka sai kafaɗarsa ta faɗa gefe, ya jawo ta, ya sake takawa. Nan take ta tuna da bakin uwarta.

A cikin a-daidaita-sahu ta fara kame-kame. Ta ce masa Inna fa akwai barkwanci, tsofaffin nan sukan yi wa jikoki wasa, kada ya ɗauki komai da zafi. Ya yi murmushi ya ce Anti kada ta damu, matar da ta rubuta masa waɗannan saƙonni ba za ta iya ɓata masa rai ba. Ta so ta riga shi shiga gida ta ja kunnen Inna, ina! Tun daga zaure aka amshe shi. Abdulganiyu, ɗan yayanta Balarabe, shi ya fara miƙa masa hannu yana zuba Turanci. Yana da difloma, kuma shi yake noma fadamar da ke wajen Bagauda, wadda kowa ya san rabon Faruk ce ko da ba a faɗa. Tun da aka fara zancen na Kalaba ba a ga haƙoransa ba sai ranar.

Tsakar gida cike take da mata, ana ta guɗa. Inna ta ci ado, ta sa sabon zane, ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugunne. Ta kafa masa ido tun daga bakin ƙofa har ya iso gabanta. Zubaida, da ta san ta, ta ga leɓenta yana rawa. Tsohuwar ta haɗiye abin da ya taso mata, ta miƙe, ta yi abu ɗaya da ta iya.

"Wannan ne mijin?" in ji ta. "Na aika a kawo mini sabo, aka kawo mini na gwanjo."

Ta tattare zane, ta karkace kafaɗa, ta ja ƙafar hagu, ta zagaya turmi tana ɗingishi irin nasa, ba ta bar komai ba. Gida ya kece da dariya. Ta tsaya a gabansa tana haki, ta tura masa baki, tana jiran ya rama. Wata nawa tana shirya wa wannan rana.

Zubaida ta yi maza ta ce masa da Turanci wai tana yi masa maraba, ta daɗe tana jiran sa. Bai ko dube ta ba. Ɗingishi ba ya buƙatar tafinta, ya gani da idonsa. Ya juya ga Abdulganiyu ya tambaye shi abin da ta ce.

Munafukin Allah bai yi ƙarya ko ɗaya ba, abin takaicin ke nan. Ya gyara tsayuwa, ya haɗe fuska kamar mai karanta labarai, ya ba shi kalma da kalma: ta ce ta yi odar sabon miji, an kawo mata wanda aka yi amfani da shi. Bai ƙara ba, bai rage ba, dariyar kawai ya cire. Ya san sarai da ya ce "wasa take yi, mu ma haka take mana" da magana ta canja, amma ya kama bakinsa.

Inna ta ga ana kai saƙo, sai ta ƙara wuta. Ta dafa kafaɗar yaron ta ce mai ran ƙarfe, mota ma ta tauna shi ta tofar. A duk rayuwarta ba ta taɓa matsowa kusa da zancen hatsarin nan kamar haka ba, kuma matan da suka manyanta sun gane, dariyarsu ta ragu. Zubaida ta ce, "Abdulganiyu, don girman Allah." Ya ɗaga kafaɗa ya ce ai Goggo baƙo ne ya tambaya, ya fassara wannan ma.

Umaru ya cire hannun tsohuwar daga kafaɗarsa a hankali. Ya ciro waya, ya nemo saƙon nan na farko, ya karanta shi da ƙarfi, ya ce Abdulganiyu ya mayar da Hausa ya tambaye ta ko ita ta faɗa. Inna ta saurara, ta ɗauka wani sabon salon tsokana ne, ta tafa hannu.

"Ni? In nemi gafarar jika? A wane gari? Ka ce masa shi zai durƙusa."

Aka kai masa. Ya daɗe yana kallon Zubaida, ita kuwa ta rasa inda za ta sa idonta. Daga nan ya rusuna wa Inna da ladabi, yana murmushi, ya yi magana a tsanake. Wannan karon Abdulganiyu bai cire komai ba, har ɗan karya wuya ya yi irin na mai gatse. Ya ce baƙo ya gode da wannan babbar tarba, yanzu ya gane dalilin da ya sa ubansa ya ga mutuwa a titi ta fi masa dawowa gida.

Babu wanda ya motsa. Inna tana tsaye da sauran murmushi a fuska, bai gama gushewa ba. Yaron ya ɗauki jakarsa ya juya, aka buɗa masa hanya, kowa yana jin jan ƙafarsa har ya fita zaure. Kwanukan da aka jera masa a ɗaki ko buɗe su ba a yi ba.

Zubaida ta bi shi har titi ba mayafin kirki. Ta yi bayanin da ta goge tun farko, duka, da kuka da majina: kaka da jika, miji da mata, gumba, bunsuru. Ya saurara har ta gama. Ya tambaye ta abu ɗaya, ko a duk watannin nan tsohuwar ta taɓa cewa a yafe mata, ko sau ɗaya, da bakinta. Ta ce a'a. Ya ce to mahaifiyarsa kukan me ta yi ke nan? Motar Zariya ta tsaya, ya shiga.

Da ta koma, mata sun watse. Inna tana ɗaki ta cire sabon zanen ta ninke. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta tambaya a hankali, wanda yake mata wasa a waya ina yake? Zubaida ta durƙusa ta faɗi gaskiya. Tsohuwar ta yi lissafi, sannan ta ɗago.

"Marowaciya, ke ce. Bakin jakar goro, ke ce. 'Yar da na haifa ta zauna a gabana tana zagina wata da watanni, ina tafa mata."

Abin da jika zai faɗa a yi dariya, in ɗiya ta faɗa wa uwa sai a nemi tsari. Zubaida ta san haka tun kafin ta san baƙi. Ta kama ƙafar Inna, Inna ta janye.

Sati biyu ba ta karɓi gaisuwarta ba. Jikoki suka riƙa leƙowa da zancen gumba don su taso ta, ta bi su da ido kawai, har suka daina. Abdulganiyu kuwa ya shiga aikin tumatir a fadama hankali kwance, in an tada zancen ya ce shi dai abin da aka faɗa ya faɗa.

A Asabar ta uku Inna ta aika a kira mata Zubaida. Ta rame, idanun sun faɗa. Ta ce a danna mata wayar. Ta riƙe ta da hannu biyu, ta yi magana da muryar da babu wanda ya santa da ita. Ta ce ba ta je ba lokacin da ya kamata ta je. Ta ce tsoron mijinta ya hana ta, daga baya kunya ta hana ta. Ta ce ƙafarsa da ta kwaikwaya, da za a karɓi tata a ba shi da ta bayar. Ta ce shi da uwarsa su yafe mata. Ta miƙa wayar ta ce a kai masa yadda ta faɗa, kada a sa gishiri.

Zubaida ta zauna a bakin gado ta fassara. Ba ta taɓa yin aiki mai tsabta irin wannan ba. Ta haɗa da muryar ta tura, ta ce ya kai wa duk Bahaushen da ya yarda da shi ya ji. Suka zauna suna kallon waya. Alama ta nuna ya karanta rubutun, muryar kuwa bai buɗe ba. Can amsa ta shigo, layi ɗaya da 'yar fuska mai murmushi. Ya ce sannu da ƙoƙari Anti, wannan ya fi na farko daɗi, ya kamata ta fara rubuta fim.

Inna ta ji ƙarar shigowar saƙon. Ta matso, ta tambayi abin da ya ce. Zubaida ta buɗe baki, ta tsaya tana neman ta inda za ta ɗauko maganar, kuma tsohuwar ta ga tsayawar. Ta miƙa hannu ta zare wayar daga hannun 'yarta, ta riƙe ta a ƙirji.

"Bari," in ji ta. "Je ki kira mini Abdulganiyu."